Ƙannena, Idan Za Ku Ciyar da Mutum 200 a Buɗa-Baki

Ƙannena samari da 'yan mata, a 'yan shekarun nan kun karɓi wani aiki da a da gidajen attajirai da na malamai aka sani da shi. Kuna haɗa kuɗi a ƙungiyar unguwa ko ta tsofaffin ɗalibai, ku sayo gero da shinkafa, ku ce za ku ciyar da masu azumi a ƙofar masallaci. Allah ya karɓa. Abin da nake so mu zauna a kai shi ne yadda ake yin aikin, domin na lura galibin buɗa-bakin da ke watsewa ba ƙarancin kuɗi ke watsa shi ba. Abinci yana nan, amma ladan ya kira salla ƙosai na cikin kasko, kunu na gidan da aka dama shi, mutum 50 kuma sun yi cirko-cirko a kan yaro ɗaya mai riƙe da ledar dabino.

Walimar aure tana jira. In an ce ƙarfe biyu, a fara ƙarfe uku, babu wanda zai yi fushi. Buɗa-baki ba ya jiran kowa. Rana ce ke yanka lokacinsa, sunna kuma ta zo da gaggauta shan ruwa da zarar ta faɗi. Daga kiran salla zuwa tayar da iƙama abin da kuke da shi bai wuce minti 10 zuwa 15 ba, musamman a wurinmu da malaman Malikiyya ke ganin lokacin magariba ƙuntatacce ne. Saboda haka duk shirin da za ku yi, ku fara lissafinsa daga kiran salla ku dawo baya. Kada ku tambayi kanku ƙarfe nawa za a ɗora tukunya. Ku tambaya ƙarfe nawa ya kamata a ce an gama komai, sannan ku ga yaushe ne dole a hura wuta.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce masallacin unguwa ne a Kano, azumi ya faɗo a watan Maris kamar na 2024 da na 2025, rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6:35, kuma kuna sa ran mutum 200. Ku lura, wannan lokacin na Kano ne. Maiduguri na riga Kano shan ruwa da kusan minti 18, Sakkwato kuma na bayanta da kusan minti 13, don haka jadawalin da wani ya turo muku a waya daga wani gari ba naku ba ne. Ku je wurin ladanku ku ji wanda yake aiki da shi.

Farkon abin tambaya, daga ina aka samo 200 ɗin? Yawanci daga bakin wanda ya fi kowa zumuɗi a taron ƙungiya. Hanyar da ta fi ita ce mutum biyu su tsaya bayan sallar magariba kwana biyu ko uku kafin azumi su ƙirga sahu, su ƙirga mutanen da ke sahu ɗaya, su ninka. Sannan a duba wanda ba ya cikin sahu amma zai zo: almajiran makarantar allo ta kusa, 'yan adaidaita sahu da magariba za ta riska a hanya, masu gadin shaguna, mata masu zuwa karɓa su kai gida. In lissafin ya ba ku 200, ku dafa na 240. Ashirin na ma'aikatanku ne, waɗanda su ma azumi suke yi kuma kullum su ake mantawa. Ashirin na wanda Allah ya kawo. Ku sani kuma labari na yaɗuwa: wurin da ya ciyar da 200 a daren farko zai ga fiye da haka kafin mako ya zagayo. Kuɗin da kuka tara ku raba shi gida 30 tun kafin a ga wata. Gara ku ce Litinin da Alhamis kawai za ku yi, ku cika alkawari, da ku yi kwana 10 da kaza da lemon kwalba sannan mutane su zo ran 11 su tarar da tabarma a naɗe, alhali sun bar neman wani wuri saboda ku.

Ni a ganina buɗa-bakin jama'a zango biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne tushen yawancin hargitsi. Zangon farko kafin salla: dabino, ruwa, kunu, ƙosai. Zango na biyu bayan salla: abinci mai nauyi. Na san akwai hadisin da ya ce in an gabatar da abincin dare a fara da shi kafin salla, kuma a gida wannan mai sauƙi ne. Amma mutum 240 ba za su ci shinkafa da mai a harabar da za a yi sahu a kai ba, a share, a yi salla cikin lokaci. Waɗanda suka yi umara da azumi sun ga yadda ake yi a masallacin Madina: a shimfiɗa doguwar leda, a jera dabino da ruwa da kindirmo da burodi, abin da ba ya zuba ba ya ɓata wuri, kafin iƙama kuma an naɗe ledar da duk abin da ke kanta. Wannan dabarar ce za ku ara, sai dai namu kunu ne da ƙosai.

Yanzu awo. Kwano da mudu da tiya sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka ku ɗora naku a sikeli sau ɗaya ku san nauyinsa. Zan yi lissafi da kwanon Kano wanda ke ɗaukar kusan kilo biyu da rabi na hatsi.

Dabino uku-uku ga mutum 240 ya kama 720. Busasshen dabino irin wanda ake kawowa daga Nijar, kilo ɗaya kan ba da sama da 100, don haka kilo 6 zuwa 7 ya isa. Ku fasa kaɗan a gaban mai sayarwa, domin na bara da aka ajiye kan yi tsutsa ta ciki alhali bayansa lafiya lau. Ruwan leda kuwa rabin lita ne kowanne, ƙunshi ɗaya na ɗauke da 20. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Kano ke kai maki 40, ba a ba mai azumi ɗaya. Biyu-biyu ya kama 480, wato ƙunshi 24, ku sayi 30. Wannan na sha ne kaɗai. Alwala da wanke hannu za su ci aƙalla lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, wato duro biyu masu cin lita 200. Ku yi magana da mai garuwa tun da safe, don da yamma kowa nemansa yake yi.

Kunu, kofi ɗaya mai cin kusan kashi ɗaya bisa uku na lita ga kowa, jimilla lita 75 zuwa 80. Kilo ɗaya na gero kan ba da lita 8 zuwa 10 na kunun tsamiya, gwargwadon kaurin da ake so, don haka kwano uku da rabi zuwa huɗu zai yi, da sukari kamar kilo 5. Ku ware kula ƙarama da ba a sa mata sukari ba. A duk taron dattawa akwai masu ciwon suga, kuma da yawansu kunya ba za ta bar su su faɗa ba, sai dai su ture kofin gefe. Shinkafa, ga wanda ya riga ya sha kunu ya ci ƙosai, kilo ɗaya ɗanya na ciyar da mutum 8. Na 240 ya zama kilo 30, wato kwano 12, ya ɗara rabin buhu kaɗan. Nama kuma ba a auna shi da ido. Kilo 12 in an yanka kowane kilo gida 20 ya ba da tsoka 240, kuma sai an ƙirga kafin a zuba a tukunya, in ba haka ba na farko su samu biyu, na ƙarshe su samu albasa.

Waɗannan alƙaluman mafari ne. Kafin azumi ya kama, ku sa mai girkinku ta dafa kwano ɗaya na shinkafa, ku zuba a robobin da za ku yi rabo da su ku ga guda nawa ya cika, ku yi haka da gero da wake. A wannan gwajin ne kuma za a auna gishiri da dunƙule da cokali ɗaya sananne a rubuta, saboda ranar aiki mai girki na azumi, ɗanɗano kuma makaruhi ne gare ta. Tukunyar kilo 10 da gishiri ya zarce ba ta da gyara. In babu awo, a samu yaro ko wadda ba ta azumi ta ɗanɗana.

Sai mu zo kan ƙosai, wanda zan daɗe a kansa domin shi ne ke kayar da masu shiri. Huɗu-huɗu ga mutum 240 ya kama 960. Kilo ɗaya na wake kan ba da wajen 60 matsakaita, don haka kuna buƙatar kilo 16, kusan kwano shida da rabi. Sayen waken ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce kasko. Babban kasko kan ɗauki kamar 40 a zubi ɗaya, kowane zubi kuma, daga sakawa zuwa juyawa zuwa tsamewa, zai ci minti 6. Ku raba 960 da 40, zubi 24 ke nan, ku ninka da 6, kun samu minti 144. Kusan awa biyu da rabi mace ɗaya na tsaye a kan wuta da azumi a bakinta, ba ta huta ba, wuta ba ta mutu ba. In ta fara ƙarfe 5:00 kamar yadda aka saba a gida, ba za ta gama ba sai an idar da magariba an doshi lisha. Da kasko biyu aikin ya dawo awa ɗaya da kwata, da uku ya dawo ƙasa da awa ɗaya. Wannan ɗan lissafin shi ne bambancin taron da ya yi kyau da wanda aka yi ta ba mutane haƙuri.

Kada kuma ku ce za a magance matsalar da cika kasko. In aka yi masa yawa mai ya huce, ƙosai ya sha mai ya yi nauyi. In aka ƙara wuta don sauri, baya ya yi baƙi ciki na ɗanye. Alamar mai ya yi daidai ita ce a ɗiga ƙullu kaɗan ya taso sama nan take yana tafasa ba tare da hayaƙi ba. Ƙullun ma ba ya son zama a zafi, yakan saki ruwa ya fara tsami, don haka a kai markaɗe kashi biyu, a riƙa sa gishiri a ɗan abin da za a soya yanzu kawai, a buga shi sosai. Ku tuna da layin injin markaɗe da yammacin azumi, ku tuna wuta na iya ɗaukewa. Ku shirya da mai inji mai amfani da man fetur ko dizal, ku kama lokaci da shi. In kuka duba kuka ga ba ku da hannun da zai riƙe kasko biyu, ku ba masu sana'ar ƙosai biyu na unguwa kwangila, ko ku rage zuwa uku-uku. Ban ba ku shawarar sauya shi da alala ba. Ta fi sauƙin yi da yawa, amma tana saurin lalacewa a zafi, ga ɓata hannu da tabarma.

To, ga yadda yinin zai kasance in mun biyo shi daga ƙarshe. Ladan zai kira 6:35. Ƙarfe 6:20 kowa na zaune, gabansa akwai dabino da ruwa da ƙosai, ana bi ana zuba kunu a kofuna don ya ɗan huce, saboda kunun da aka zuba lokacin kiran salla ba ya shayuwa a minti 10. Wannan na nufin 6:05 an sauke kaskon ƙarshe, shimfiɗa kuma an gama ta tun 5:50. Suya da kasko biyu ta fara 4:45, markaɗen farko ya dawo 4:30, an jiƙa wake an wanke shi tun bayan azahar. Kunu a dama shi 5:00 a juye a manyan kuloli, yana riƙe zafinsa. Dafa-duka a raba ta tukwane uku, kilo 10 kowace, domin tukunya ɗaya mai kilo 30 ƙasanta zai kama samanta bai nuna ba. A hura wuta da an idar da la'asar, a sauke wajen 5:40, a zuba a robobi masu murfi daga nan zuwa 6:15, a jera su cikin kuloli ko kwalaye a lulluɓe. Za a ci wajen 7:00. Kayan miya a sayo su da sassafe, hatsi da mai da sukari kuwa tun kafin azumi, daga Dawanau da Singa in a Kano kuke, kafin farashi ya motsa. Mutum ɗaya a cikinku kada a ba shi wani aiki sai riƙe agogo da takardar wannan jadawali.

Akwai dalilin da ya sa na ƙi yarda a dafa shinkafa da hantsi a ajiye, ko da yake masu girki za su roƙe ku hakan don su huta da yamma. Shinkafa na ɗauke da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta. In abincin ya huce ya zauna da ɗumi-ɗumi, sai ta farfaɗo ta hayayyafa ta zuba guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Wanda ya ci zai fara amai cikin awa ɗaya zuwa biyar, wato ana tsakiyar asham ko an koma gida. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai, in za a ajiye shi to ya zauna da zafi sama da maki 60 ko da sanyi ƙasa da maki 5. Mu da ba mu da ma'aunin zafi a madafa, alamarmu ita ce tururi: in an buɗe kula tururi ya taso kuma ba a iya riƙe abincin a tafin hannu, yana nan lafiya. In ya koma ɗumin jiki, lokaci ya fara ƙirguwa. A ɗauraye kula da tafasasshen ruwa kafin a zuba, a cika ta taf, kada a riƙa buɗewa. Yauƙi da warin tsami alamu ne na abin da ya riga ya yi nisa. Abinci na iya cutarwa ƙamshinsa na nan daram, don haka agogo za ku bi, ba hanci ba. Haɗin kabeji da bama kuwa ku bar shi gaba ɗaya a irin wannan taro.

Ƙanƙara ma haka. Ba ku san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma kun san yadda kwalara ke yi mana a garuruwanmu. A zuba ƙanƙarar a duro, a nutsa ruwan leda a ciki tun ƙarfe 4:00, amma kada a fasa ta cikin zoɓo ko lamurje. Ledar ruwan da baki za a fasa ta, don haka ruwan duron ma ya zama mai tsabta, kada ya zama wurin da kowa ke tsoma hannu.

Maganar wuri ita ce wadda samari suka fi rainawa, ita ce kuma wadda rai ke iya salwanta a cikinta. A watan Maris na 2024, cikin azumi, mata da yara sun rasu a turmutsutsun karɓar zakka a Bauchi. A Disambar shekarar, sama da mutum 60 sun mutu a wuraren rabon abinci da kyaututtuka a Ibadan da Okija da Abuja cikin 'yan kwanaki. Abin da ke haddasa irin wannan sananne ne: jama'a a tsaye, ƙofa ɗaya, da tsoron cewa abin zai ƙare kafin a zo kansu. Maganinsa a buɗa-baki ƙa'ida ce guda wadda ba na so ku sassauta ko dare ɗaya. Mutum ba ya zuwa wurin abinci, abinci ne ke zuwa wurin mutum. Wanda ya zauna zai samu, wanda ya tsaya ba a miƙa masa. A daren farko za a yi muku gunaguni. In kuka dage, a dare na uku yara da kansu za su riƙa zaunar da baƙo. Kada kuma a buɗe kula a idon jama'a. Ma'ajiyar abinci ta kasance a ɗaki ko bayan katanga, masu rabo su riƙa fitowa da faranti.

Mai zama a ƙasa na cin kusan santimita 60 a faɗi. Doguwar leda mai tsawon mita 10 za ta ɗauki 16 a kowane gefe, 32 ke nan suna fuskantar juna. Layi 8 sun ɗauki 256. Kowane layi, da ledar da mazauna gefe biyu da hanyar da mai rabo zai bi ta bayansu, zai ci faɗin mita 3, don haka kuna buƙatar fili mai mita 24 a mita 10. A taƙaice murabba'in mita ɗaya ga kowane mutum. Ku je ku auna harabar da taku, dogon taki ɗaya kusan mita ne. In ba ta kai ba, ku rage adadi ko ku raba wuri biyu, amma kada ku malala kan titi ba tare da kun yi magana da mai unguwa da 'yan agaji ba, domin dab da magariba kowane direba sauri yake ya kai gida. Kowane layi a ba shi mutum biyu nasa, su san ba su da wani layi sai shi. Mata a ba su layinsu da masu rabo mata da duron ruwansu, nesa da hanyar maza. Yara su ma layinsu daban da babba a kansu, kuma a fara jera nasu. Dattawan da gwiwa ba ta lanƙwasuwa a tanadar musu benci biyu a gefe. Murhu da kasko su yi nesa da hanyar yara, a ɓangaren da iska ba za ta kaɗo hayaƙi kan mutane ba. Fitila kuma a gwada ta da rana, don zango na biyu a duhu za a ci shi.

Wanke hannu yana da wata al'ada tamu da ya kamata ku bari: kwano ɗaya na ruwa da mutum 30 za su tsoma hannu a ciki ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe da bai wanke ba ya fi masa. A ajiye butoci da sabulu kusa da duro, ko bokiti mai famfo, ruwa ya zuba a hannu ya wuce. A duba inda ruwan zai gangara, kada wurin alwala ya zama taɓo a bakin tabarma. Masu zuba abinci su yanke farce, su wanke hannu da sabulu, su yi aiki da ludayi da cokali. Wanda ke gudawa ko yake da ƙurji a yatsa, ko shi ne shugaban ƙungiya, a ba shi aikin shimfiɗa. Safar hannu ta leda da ake yayi ba ta da amfani in da ita mutum zai karɓi kuɗi ya daddana waya ya koma kan ƙosai.

Da liman ya matso, masu layi su kama ledar ta bakin nan da bakin can su naɗe ta da ƙwallon dabino da ledojin ruwa da kofuna, su jefa a buhu. Minti 2 ya isa in an saba. Buhu ɗaya a ƙarshen kowane layi, kuma a san tun farko wanda zai kwashe su da inda zai kai, don ledar ruwa 480 a kowane dare, in aka bar ta, kwatar unguwa za ta shiga, damina kuma ta zo ta tona asiri. Man suya da ya yi baƙi ya fara kumfa an gama da shi, kada a ƙara masa sabo a ci gaba, kada kuma a tuttular da shi a kwata. Abincin da ya ragu a raba shi a daren kafin a tayar da asham, ga masu gadi da maƙwabta da makarantar allo, a gaya musu su ci yanzu. Ba a ajiye wa sahur. Masu shara su ci abincinsu kafin su fara, kuma kada su zama su ne waɗanda suka yini a bakin murhu.

Wata 'yar magana a gefe, tunda na san ku da waya. Masu ba da gudummawa na da haƙƙin su ga inda kuɗinsu ya tafi, amma ku ɗauki hoton tukwane da layukan da aka jera kafin mutane su zauna. Magidancin da ya zo da 'ya'yansa biyu saboda gida babu, in ya ga fuskarsa na yawo a wayoyin unguwa, gobe ba zai dawo ba, kuma dominsa kuka yi girkin.

Kowane dare bayan asham, mai riƙe agogo ya rubuta abu huɗu a littafi: mutum nawa suka zauna, me ya ragu, me ya kasa, ƙarfe nawa aka sauke kaskon ƙarshe. In robobi 40 suka ragu dare biyu a jere, a rage shinkafa kwano biyu. In ruwa ya ƙare kafin lisha, a ƙara ƙunshi biyar. Kafin goman ƙarshe, lokacin da jama'a ke ƙaruwa hannayen aiki kuma ke raguwa saboda i'itikafi da tahajjud da hidimar salla, za ku san awonku fiye da yadda na faɗa muku a nan. Littafin kuma kada ya kwana a aljihun mutum ɗaya. Ku damƙa shi ga liman ko sakataren masallaci bayan salla, don waɗanda za su karɓi aikin baɗi su fara daga inda kuka tsaya.